Abin da Ya Sa Aikatau Yake Sauya Wuri a Jimlar Jamusanci

Duk Bahaushen da ya fara koyon Jamusanci, ko a aji ne a Kamaru, ko a jami'a a Nijeriya, ko kuwa bayan ya sauka a Berlin ko Hamburg neman ilimi, akwai inda yakan yi tuntuɓe tun a watannin farko. Za a koya masa cewa "Musa yana shan shayi" shi ne *Musa trinkt Tee*, ya ji daɗi domin jerin kalmomin daidai yake da na Hausa: mai yi, aikin, sannan abin da aka yi wa. Ba a jima ba sai ya so ya ce "saboda Musa yana shan shayi", malami ya rubuta masa *weil Musa Tee trinkt*. Aikatau *trinkt*, wanda ɗazu yake kusa da Musa, yanzu ya koma can ƙarshe. Littattafan koyo da yawa sukan ba da wannan a matsayin dokoki biyu da za a haddace. Ni kuwa ina ganin haddar ce take wahalar da ɗalibi, domin doka ɗaya ce, kuma tana da dalilin da kowa zai iya ganewa.

Jimlar da za ta iya tsayawa da ƙafarta, kamar "Musa yana shan shayi", ita ce masana nahawun Hausa suke kira ganga tsayayya. Wadda ba ta cika sai an jingina ta da wata, kamar "saboda Musa yana shan shayi", ita ce ganga dogarau. A Jamusanci, aikatau yana zama na biyu a tsayayya, yana zama na ƙarshe a dogarau.

Na biyu a me?

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa kalmomi ake ƙirgawa. Abin da ake ƙirgawa shi ne yankunan jimla, wato gungun kalmomin da ke amsa tambaya ɗaya: wa, me, yaushe, ina. Dubi jimla ɗaya da aka juya ta hanya uku, ma'anarta Amina tana sayen littafi yau:

*Amina kauft heute ein Buch.*
*Heute kauft Amina ein Buch.*
*Ein Buch kauft Amina heute.*

A ta farko an fara da Amina, a ta biyu da "yau", a ta uku da "littafi". Komai yana yawo, in ban da *kauft*, wanda bai gusa daga mazauni na biyu ba. A jimla ta uku kalmomi biyu ne suke gabansa, *ein Buch*, amma yanki ɗaya ne. Ko da za a ce "a babbar kasuwar garinmu", kalmomi barkatai, duk yanki ɗaya ne mai amsa tambayar "ina", kuma aikatau zai biyo shi nan take.

A nan Hausa take jan ɗalibi zuwa kuskure. Mu mukan ce "Yau Amina tana sayen littafi", mu ɗora "yau" a gaba mu bar sauran yadda suke. Sai ɗalibi ya rubuta *Heute Amina kauft ein Buch*, ya ajiye yanki biyu kafin aikatau. Bajamushe zai gane nufinsa, amma kunnensa zai ji karkatar nan take. Gaban aikatau wurin abu ɗaya ne tak. Idan "yau" ya shige shi, dole Amina ta koma bayan aikatau.

Gidan aikatau yana ƙarshe

Bahaushe yakan ɗauka cewa asalin mazaunin aikatau shi ne kusa da mai yin aikin, sannan ganga dogarau ta zo ta kore shi zuwa ƙarshe. Masana harshe sun nuna cewa abin akasin haka ne. A Jamusanci ƙarshen jimla shi ne gidan aikatau, zamansa a wuri na biyu kuwa fitowa ce yake yi. Emmon Bach da Manfred Bierwisch sun kawo wannan ra'ayi game da Jamusanci a farkon shekarun 1960, Jan Koster kuma ya kafa hujjarsa a kan harshen Holan a 1975, domin shi ma haka yake tafiya.

Ba sai mutum ya zama masani ba kafin ya ga shaidar. Idan Bajamushe zai ambaci aiki kawai, ba tare da mai yi ko lokaci ba, kamar a jerin abubuwan da zai yi da safe, yakan rubuta *Brot kaufen*, wato "burodi saye", inda mu za mu ce sayen burodi. Yaran Jamusawa ma da suke fara haɗa kalmomi biyu zuwa uku, sukan sa aikatau a ƙarshe ne tukuna, sai daga baya su koyi fito da shi gaba.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin aikatau masu rabuwa. Ɗauki *anrufen*, kiran mutum a waya. A ganga dogarau dunƙule yake a ƙarshe: *weil ich dich morgen anrufe*, saboda zan kira ka gobe. A tsayayya kuwa sai ya tsage biyu: *Ich rufe dich morgen an*. Ɓangaren *rufe* ya fito wuri na biyu, ya bar *an* a ƙarshe. Wannan ƙaramin *an* yana nuna daidai inda aikatau ya taso.

Haka nan idan aikatau ya zo da mataimaki. A Hausa kalmomi irin su "ya", "ta", "sun" su ne suke ɗauke da mutum da lokaci, aikatau ya biyo baya. A Jamusanci kalmar da ke ɗauke da wannan nauyi ita kaɗai ce take fitowa gaba. *Amina hat gestern ein Buch gekauft*, Amina ta sayi littafi jiya: *hat* ne ya fito, *gekauft* mai ma'anar saye ya zauna a gida. Su biyun sun sa sauran jimlar a tsakiya, tsarin da Erich Drach ya yi fice wajen bayyanawa a littafinsa na 1937. A dogarau kuwa sai su haɗu a ƙarshe, mai ɗauke da lokaci ya rufe: *weil Amina gestern ein Buch gekauft hat*.

Kujera ɗaya, masu nema biyu

To me ke hana aikatau fitowa a ganga dogarau? Amsar da Hans den Besten ya bayar a 1977 ita ce har yau aka fi koyarwa. A kusa da farkon kowace ganga akwai kujera guda ɗaya, kuma abu biyu ne suke iya zama a kanta: ko mahaɗi irin su *dass* (cewa), *weil* (saboda), *wenn* (idan), *ob* (ko), ko kuma aikatau mai ɗauke da lokaci. A ganga tsayayya babu mahaɗi, kujera a buɗe take, sai aikatau ya baro ƙarshe ya hau, a sa yanki ɗaya a gabansa. A dogarau mahaɗi ya riga ya zauna, don haka aikatau ya tsaya inda yake.

Ana iya gwada wannan. Idan gaskiya ne, cire mahaɗi ya kamata ya sa aikatau ya fito, kuma haka yake faruwa. "Ya ce ya gaji" ana faɗarsa hanya biyu:

*Er sagt, dass er müde ist.*
*Er sagt, er ist müde.*

Da *dass*, kalmar *ist* tana ƙarshe. Da aka cire shi, sai ta dawo ta biyu, alhali ma'anar ba ta canja ba. Haka ma jimlar sharaɗi, "da ina da kuɗi": ko dai *Wenn ich Geld hätte*, ko kuwa *Hätte ich Geld*. A ta biyu aikatau ya hau daidai wurin da *wenn* ya bari. Ganin yadda ɗaya yake fita ɗaya ya shiga shi ne ya sa aka gane wuri guda suke nema.

Inda ake zamewa

Akwai mahaɗai biyar da ba sa hawa kujerar: *und* (da), *aber* (amma), *oder* (ko kuwa), *sondern* (sai dai) da *denn* (domin). Su daga waje suke tsayawa su ƙulla tsayayyun ganguna biyu, ba a ma ƙirga su. Shi ya sa "domin na gaji" yake da fuska biyu: *denn ich bin müde*, amma *weil ich müde bin*. Ita kuwa *deshalb* (saboda haka) yanki ce cikakkiya mai cike wuri na farko, don haka aikatau yake bin ta kai tsaye: *Deshalb bleibe ich zu Hause*, saboda haka nake zama a gida.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne idan dogarau ta zo a gaba. Gangar gaba ɗayanta yanki ɗaya ce, ta cike wuri na farko: *Wenn es regnet, bleibe ich zu Hause*, idan ana ruwa nakan zauna a gida. Sai ka ga aikatau biyu sun sa waƙafi a tsakiya, ɗaya ya rufe gangarsa, ɗaya ya buɗe tasa. Idan ka rubuta irin wannan jimla ka ga *ich* ya biyo waƙafi, to akwai gyara.

Dokar tana da iyaka. A tambayar da ake amsawa da i ko a'a, wuri na farko a wofi yake, sai aikatau ya zama shi ne farko: *Trinkt Musa Tee?* A ganga mai bayanin suna, kamar *der Mann, der Tee trinkt*, mutumin da yake shan shayi, babu *dass* ko *weil*, amma *der* na biyu yana aikin shigar da dogarau, aikatau kuma yana ƙarshe. Sannan a hira ta yau da kullum za ka ji Jamusawa da kansu suna cewa *weil ich bin müde*, sau da yawa da ɗan tsayawa bayan *weil*. Wannan sananne ne a baki, amma a rubutu da jarrabawa ana ɗaukarsa kuskure.

Ga mai koyo, shawarata ita ce ya juya yadda yake gina jimla. Ya fara da siffar dogarau, aikatau a ƙarshe: *Amina morgen ihre Mutter anrufen will*. Sannan ya tambayi kansa, akwai mahaɗi mai hawa kujera? Idan akwai, ya sa shi a gaba, aiki ya ƙare: *dass Amina morgen ihre Mutter anrufen will*, cewa Amina tana so ta kira mahaifiyarta gobe. Idan babu, ya ɗauko kalma ta ƙarshe kaɗai, *will*, ya kawo ta gaba, ya zaɓi yanki ɗaya ya sa a gabanta: *Morgen will Amina ihre Mutter anrufen*. Wanda ya yi wannan atisaye da jimlolinsa na kansa, har hannu ya saba, zai ga cewa aikatau masu rabuwa, da jimlolin lokacin da ya wuce, da na *weil* da *dass*, waɗanda littafi ya raba su babi-babi, duk darasi ɗaya ne.