Idan Abinci da Ruwa Suka Ƙi Wucewa

Ciwon akalasiya yakan hana ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi buɗewa, saboda jijiyoyin wurin sun lalace. Tuwo ya tsaya a ƙirji, ruwa ma haka, da dare kuma abincin ya dawo baki. Kansa kuwa takan fara tare abinci mai tauri ne, don haka sai an leƙa da kyamara tukuna.

Abin da ke tabbatarwa shi ne awon matsi: a zura siririn bututu ta hanci, majinyaci ya haɗiyi ruwa sau 10. Sai a ga ƙofar ba ta saki ba, bututun kuma ba ya tura ruwan ƙasa.

Jijiyoyin ba sa dawowa. Ana faɗaɗa ƙofar da balan-balan ko a yanka tsokarta, amma ƙwannafi kan biyo baya.