Shanya a Ɗaki Lokacin Marka

Warin rima yana kama tufafin da suka daɗe ba su bushe ba, domin ƙwayoyin cuta da fumfuna suna yaɗuwa cikin laima. Maganinsa gaggauta bushewa. A watan Agusta, lokacin marka, akan matse wanki sosai, riga mai kauri kuma a naɗe ta cikin busasshen tawul a murɗa. Sannan a shanya kaya ɗai-ɗai, da tazarar tafin hannu tsakaninsu, fanka tana kaɗa su, taga a buɗe, domin ɗakin da aka rufe iskarsa takan cika da danshi.

Kafin a ninke, a taɓa ƙugun wando da cikin aljihu, nan laima take ɓuya. Kayan da suka riga suka yi wari, turare ba ya raba su da shi, sai an sake wankewa da ruwan zafi.