Hotonka a Salon Miyazaki: Ina Haƙƙin Mallaka Ya Tsaya?

A ƙarshen watan Maris na 2025 kamfanin OpenAI ya ƙara wa manhajar ChatGPT ƙarfin sarrafa hotuna, kuma cikin 'yan kwanaki kafafen sada zumunta suka cika da wani irin zane guda: fuskoki masu manyan idanu, launuka masu taushi, gajimare kamar audugar da aka shaɓe. Mutum zai ɗora hoton ɗaurin aurensa ko na ɗansa, ya nemi a mayar masa da shi salon Studio Ghibli, gidan fina-finan zane na Japan da aka kafa a 1985, wanda sunan Hayao Miyazaki ya fi fitowa a cikinsa. 'Yan siyasa sun yi, 'yan kasuwa sun yi, matasanmu ma ba a bar su a baya ba. Tambayar da ta biyo baya ita ce: wannan sata ce ko kuwa wasa ne marar laifi? Ra'ayina shi ne tambayar ta haɗa abubuwa uku da ya kamata a warware su ɗaya bayan ɗaya, wato salon mai zanen, da hoton da aka ɗora, da kuma abin da aka yi da sakamakon. Mafi yawan masu muhawara sun maƙale a na farko, alhali wanda zai fi saurin kai mutum gaban alƙali shi ne na biyu.

Bari mu fara da salo. Ƙa'idar da dokokin haƙƙin mallaka na ƙasashe suka yi tarayya a kanta ita ce, ana kare aikin da mutum ya fitar, ba a kare tunani ko hanyar da ya bi. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta faɗi haka, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta cire ra'ayoyi da dabaru da hanyoyin aiki daga cikin abubuwan da take karewa. Misali daga gida zai fi fito da ma'anar. Duk mai son ya ɗauki kalangu ya tara 'yan amshi ya yi waƙa a irin tafiyar Alhaji Mamman Shata, babu mai hana shi, kuma da yawa sun yi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ɗauki wata waƙa ta Shata da kalmominta da karinta ya sayar a matsayin tasa. Da doka ta ba mutum ɗaya mallakar salo, da kiɗan kalangu ya mutu tare da wanda ya fara shahara da shi. Haka lamarin yake ga zane. Taushin launi da manyan idanu da korayen tsaunuka salo ne, ba na kowa ba ne. Amma Totoro, dabbar nan mai ƙaton ciki ta fim ɗin 1988, aiki ne takamaimai mai mai shi. Idan hotonka ya fito a salon gidan kawai, da wuya a ce ka keta haƙƙi. Idan ka sa Totoro tsaye kusa da kai, ko aka kwaikwayi wani fage da duk wanda ya kalli fim ɗin zai gane, ka tsallaka daga salo zuwa kwafi.

Hanya mai sauƙi ta gwada kanka ita ce ka tambayi wanda ya san aikin mai zanen: me wannan ya tuna maka? In ya ce ya tuna masa da irin zanen Ghibli, kana nan cikin salo. In ya ambaci sunan fim da fage da wanda ke cikinsa, to akwai magana. Sannan shekaru ma suna da tasiri. Vincent van Gogh ya rasu a 1890, saboda haka ayyukansa kansu sun daɗe da fita daga kariya, kowa na iya kwafarsu. A dokarmu, zane yana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ayyukan Ghibli kuwa duk suna cikin kariya.

Yanzu ga hoton kansa, inda jama'a suka fi yin tuntuɓe. Muna cewa "hotona" don fuskarmu ce a ciki, amma doka tana kallon wanda ya ɗauki hoton ne a matsayin mai aikin. Hoton da ka ɗauki kanka da wayarka naka ne. Hoton bikin da mai ɗaukar hoto ya yi maka, asalin haƙƙinsa na wurinsa, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Dokar 2022 ta yi wa mai biki sassauci: wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da na gidansa yana da izinin amfani da shi a abin da ba na kasuwanci ba, kuma yana iya hana a yaɗa shi ga jama'a. Wannan izini ne, bai kai mallaka ba. Kariyar hoto kuma tana ɗaukar shekara 50.

Shari'ar da ta fi haskaka wannan ta faru ne tun kafin zuwan waɗannan manhajoji. A 1981 wata mai ɗaukar hoto a Amurka, Lynn Goldsmith, ta ɗauki mawaƙi Prince. A 1984 mujallar Vanity Fair ta biya ta dala 400 don a ba wani mai zane hoton ya yi aiki da shi sau ɗaya. Mai zanen shi ne Andy Warhol, wanda ya shafa wa hoton salonsa na launuka masu kaifi, ya kuma fitar da jerin ayyuka 16. Bayan rasuwar Prince a 2016, gidauniyar Warhol ta karɓi dala 10,000 daga kamfanin mujallar don a buga ɗaya daga cikinsu a bango, Goldsmith ba ta samu ko kwabo ba. A watan Mayu na 2023 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai kan biyu, ta goyi bayan Goldsmith. Dalilin kotun shi ne aikin Warhol da hoton asali sun shiga kasuwa ɗaya don manufa ɗaya, wato a sayar wa mujalla hoton Prince. Kotun ta taƙaita hukuncinta ga wannan cinikin, ba ta haramta ayyukan Warhol ba, kuma hukuncinta ba ya ɗaure kotunan Nijeriya. Duk da haka darasin a fili yake. In har hannun Warhol da kansa bai wanke hoton daga haƙƙin wadda ta ɗauke shi ba, ban ga yadda taɓa fuskar waya sau biyu zai wanke shi ba.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata mai sayar da turaren wuta a Kano tana da hoton ranar kamunta, wanda wani mai situdiyo ya ɗauka, ba su kuma rubuta komai a tsakaninsu ba. Ta mayar da shi salon Ghibli ta sa a fuskar shafinta. A nan hatsarin kaɗan ne: salo ba shi da mai shi, amfanin kuma na kanta ne. Daga baya sai ta ga zanen ya yi kyau, ta sa aka buga shi a jikin kwalaben turare. Yanzu ta shiga kasuwanci da wani abu da aka samo daga hoton mai situdiyo, tsayuwa da haske da tsarin duk nasa ne, don haka yana da bakin magana, kuma maganin abin shi ne takardar izini daga gare shi kafin a je wurin mai bugawa. In ta ƙara da rubuta sunan Ghibli a jikin kwalbar, ta buɗe wata ƙofar daban, ta alamar kasuwanci da sa masu saye su zaci akwai alaƙa tsakaninta da gidan. Ƙawayen amarya da ke cikin hoton su ma ba su amince a yi talla da fuskokinsu ba.

Sai kuma ranar da wata mai turaren ta kwafe mata zanen. Za ta iya kai ƙara? A nan ƙafarta ba ta da ƙarfi. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a Janairun 2025 cewa rubuta wa na'ura umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mawallafi ba, kuma a Maris na shekarar wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar da cewa dole mawallafi ya zama ɗan Adam. Dokarmu ma tana neman a ga ƙoƙarin da ya ba aiki asalinsa. Abin da ya rage mai kariya a zanen shi ne abin da ya tsira daga hoton asali, wanda kuma na mai situdiyo ne. Ke nan ta ɗauki nauyin hatsari a kan abin da ba lallai ta mallaka ba.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Masu zane suna cewa ƙa'idar sakin salo an gina ta ne lokacin da kwaikwayo yake cin shekaru na koyo, almajiri kuma yakan ƙare da nasa hannun. Na'ura ba ta iya salon Ghibli ba sai da aka ciyar da ita hotuna masu ɗimbin yawa, kuma tana fitar da dubbai cikin sa'a guda. Tun Janairun 2023 wasu masu zane suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney ƙara a California kan wannan batu. Japan kuwa ta gyara dokarta a 2018 ta ba da dama mai faɗi ta amfani da ayyuka wajen nazarin bayanai, muddin hakan bai cutar da mai haƙƙi ba bisa ƙa'ida ba. Shi kansa OpenAI ya ce yana ƙin kwaikwayon salon mai zane ɗaya da ke raye amma yana barin salon gidan zane, rabon da nake ganin ba shi da ƙwari a nan, domin wanda duk ya ce Ghibli, Miyazaki yake nufi.

Matsayina shi ne a bar salo a sake. In aka ba shi mai shi, ƙananan masu zane ne za su fara shan wahala, domin manyan kamfanoni ne ke da kuɗin lauyoyi. Kukan masu zane na gaskiya ne, amma wurin share shi shi ne matakin ciyar da na'ura: a tilasta wa kamfanoni bayyana ayyukan da suka yi amfani da su, su nemi izini, su biya. Nan ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da 'yan majalisarmu ya kamata su sa ido, tun kafin a kwashe zanen hulunanmu da adon gine-ginenmu da ayyukan masu zanenmu na yau a zuba a cikin irin waɗannan na'urori.

Ga mai karatu kuma, kafin ka ɗora hoto, ka san wanda ya ɗauke shi. Ka duba ko wani abu takamaimai na mai zanen ya shigo cikin sakamakon. In kuɗi zai shiga lamarin, ka nemi rubutaccen izinin mai ɗaukar hoton da na mutanen da ke ciki, kada ka sa sunan mai zanen a jikin kayanka. In kuma alamar da za ta zama taka kake so, wadda za ka iya karewa a kotu, ka nemi mai zane ɗan Adam ka biya shi, ku rubuta cewa haƙƙin ya dawo hannunka.