Yadda Yaron Shago Ke Neman Izinin Zuwa Biki a Wurin Maigidansa

Duk wanda ya san shagunan teloli a unguwa irin Fagge ta birnin Kano ya san cewa watan Sha'aban wata ne na rububi. Iyaye na hanzarin aurar da 'ya'yansu kafin a kama azumi, ga ɗinkin anko ya yi tsibi a kan tebur, ga masu gudun cunkoso sun fara kawo shaddar Sallah. A daidai wannan lokaci ne sau da yawa ake aiko wa yaron shago cewa an sa ranar auren ƙanwarsa a can garinsu. Biki dai ba ya ƙin zuwa, shago kuma ba nasa ba ne balle ya rufe. Dole ya nemi izini, kuma a yadda ya nema ne ake gane ko ya koyi wani abu ban da taka keke.

Mai koyon sana'a ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai ce yana da kwanakin hutu a rubuce. Galibi mahaifinsa ko kawunsa ne ya kamo hannunsa ya damƙa wa maigida amana. Maigidan ne ke koya masa awo da yanka, shi ke ba shi na abinci, wani lokaci ma a shagon yake kwana. Idan yaro ya ɓace a hanya, maigida za a fara tambaya. Shi ya sa izinin ya fi kama da na ɗa a wurin uba.

A ce ɗaurin auren ranar Asabar ne a Haɗejiya. Yaro mai hankali ba ya bari sai ranar Alhamis. Tun da aka sa rana, ko aƙalla mako biyu kafin bikin, yake shaida wa maigida, domin tela da alkawari yake rayuwa. Yana kallon hannayen da ke shago ne kafin ya ce wa mai kaya ya dawo ranar kaza. In an zare masa hannu ɗaya ba shiri, shi zai sha kunya, har a kira shi maƙaryaci.

Lokacin yin maganar ma abin lura ne. Ba a tarar maigida yana tsakiyar yanka, almakashi a hannu, don kuskure ɗaya a shadda mai tsada asara ce da ba ta gyaruwa. Ba a kuma yi masa a gaban masu kawo ɗinki, saboda an ɗaure shi ke nan: in ya hana a ce ba shi da tausayi, in ya bari ya bari ba da son ransa ba. An fi samun sa bayan sallar La'asar ko da dare in an tashi daga aiki. Yaron zai matso, ya rage tsawo, ya gaishe shi da aiki, ya jira a amsa, sannan ya ce:

"Maigida, Allah ya ƙara girma, wata alfarma nake nema. Baba ya ce a gaishe ka, kuma a shaida maka an sa ranar auren ƙanwata, Asabar ta sama. Idan an amince, ina so in tafi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in dawo Litinin da safe in Allah ya yarda. Kaftani huɗun da ke hannuna zan gama su in goge kafin Alhamis. Maɓallan da suka rage kuwa na roƙi abokin aikina zai riƙe mini. Amma duk yadda ka ce haka za a yi."

Daga nan sai ya miƙa katin gayyata da ɗan goro ko alewar da aka aiko, da hannu biyu.

A duba abin da ke cikin wannan 'yar magana. Ya sako sunan mahaifinsa a gaba, don maigida ya san gida ne suka aiko, ba yawo yaro yake so ba. Ya faɗi ranar tafiya da ta dawowa. Ya kawo lissafin aikin da ke wuyansa tun ba a tambaye shi ba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan roƙon gaba ɗaya. Kirari da "ranka ya daɗe" komai yawansu ba sa ɗinke riga. Sannan ya bar wa maigida wuƙa da nama. Akwai tazara mai nisa tsakanin "zan tafi" da "idan an amince". Na farko sanarwa ce, kuma maigida da yawa daga jin ta suke murtuke fuska ko da sun yi niyyar bari.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne wurin faɗin kwanaki. Sai ka ji yaro ya ce "kwana biyu zan yi", alhali kowa ya san kwana biyun Bahaushe na iya kai mako. Gara ya ambaci rana da sunanta. Kuma ya nemi abin da yake bukata na gaskiya. Bikin Hausa yana da kamu da wuni da kai amarya, amma yawancinsu sha'anin mata ne. Abin da ya wajaba a kan wan amarya shi ne ɗaurin aure da hidimar baƙi, sai kuma kai kaya. Wanda ya nemi mako guda a Sha'aban saboda wannan, shi ya jawo a hana shi.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da teloli. Da zarar dangi sun ji ɗansu na koyon ɗinki, sai a turo masa ankon gida gaba ɗaya. Keke na maigida ne, zare nasa, man janareta nasa. Yaron da ya ɓoye yana ɗinka su da dare ya ɓata rawarsa da tsalle, domin ranar da aka gani za a daina yarda da shi. Ya haɗa wannan a cikin roƙonsa tun farko. Sau da yawa maigida da kansa zai yanka masa, ya ce wannan ce gudummawarsa.

Amsar maigida ita ma tana bukatar kunne. In ya ce "Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu", an bari. In ya ce "to, bari mu gani", bai hana ba tukuna, yana auna aikin da ke gabansa ne, sai a ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin a tuna masa cikin ladabi. In kuwa ya rage kwanakin, ya ce a je Juma'a a dawo Lahadi, ba a ciniki da shi. Godiya ake yi. Idan da gaske kwanakin ba za su isa ba, wanda ya kawo yaron shagon shi ya kamata ya kira ko ya tako, babba da babba su daidaita.

Ba kowace hidima ake bi ta wannan hanya ba. Suna yana zuwa ne rana ta bakwai, don haka ranar da aka haihu ake faɗa, kuma magidanci mai kunya cewa yake "an samu ƙaruwa a gidana". Rasuwa kuwa ba ta jira. Ana shaida wa maigida ne ko ta waya a kama hanya, shi ma yakan biyo baya ya yi ta'aziyya.

Sai dawowa. In mota ta lalace ko iyaye sun riƙe yaro, ya kira tun kafin ranar ta wuce, kada ya bari a neme shi. In ya iso, maigida zai fara gaisarwa, ya isar da godiyar gida, ya ajiye ɗan abin biki, ko alkaki ne ko dubulan.

Ku kuma iyayen gida, yaron da ya zo muku da wuri, ya faɗi gaskiya, ya gama aikinsa, ku sallame shi da fuska a sake, in da hali ku haɗa masa da kuɗin mota. Yawan hani ne ke koya wa yara ƙirƙiro rashin lafiyar kaka.