HATSI KO WAKE? LABARIN WATA UWA A KASUWAR MARAƊI

Ga labarin wata mata da ke zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci. Ita ce ta ba mu shi da bakinta, ta ce a rubuta amma a ɓoye sunanta.

Ranar Littinin ce, cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. Maigidanta ya ba ta dala 150, ya ce ta auno tiya guda ta hatsi. Su shida ne a gidan, kuma tiya guda ita ce cinsu na wuni ɗaya.

Amma akwai abin da ya dame ta. Autanta yana da wata 14, kunun hatsi zalla yake sha bayan nono. A gidan likita an auna dantsensa da zaren awo, ya faɗa cikin rawaya. Wannan zaren launi uku gare shi. Kore lafiya ne. Rawaya, daga santimita 11 da rabi zuwa 12 da rabi, tamowa ce ta soma. Ja kuwa haɗari ne. Malamar likita ta ce mata hatsi yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya isa gina jikin yaro, sai an haɗa da wake ko gyaɗa.

Da ta shiga babbar kasuwa ta tarar tiyar hatsi dala 150, tiyar wake dala 200. Ta tsaya tsakanin buhu biyu, kuɗinta a ƙulle a bakin zane. In ta auni hatsi, gida ya ci, yaro ya zauna yadda yake. In ta auni wake da kuɗin duka, tiya ma ba za ta cika ba, kuma mi za ta gaya wa maigida?

Mai waken wata tsohuwa ce daga Tibiri. Ta dube ta, ta ce: “Ɗiyata, tun ɗazu kike tsaye. Waken na gida duka ne, ko na goyon nan?”

Ta ce: “Na shi ne, Inna.”

Tsohuwa ta ce: “To, cikinsa nawa yake? Ki auni hatsinki, ki rage mini kaɗan.”

Nan ta tuna da lissafin da muka yi a allo. Ta auni hatsi na dala 120, watau ta rage kashi ɗaya cikin biyar na tiya. Sauran dala 30 ta auni wake, ya ɗan fi sulusin kilo. A bakin ƙofa ta gamu da wata ƴar'uwarta da ke kawo zogale daga lambunan Jiratawa, ta ba ta damƙi guda kyauta.

Da ta isa gida ta tsince waken, ta soya shi a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. Ta ɓarza, ta sheƙe ɓawon, ta daka, ta tankaɗe. Suyar tana rage ɗanyen wari, kuma gari ya fi saurin dahuwa, ga itace da tsada. Zogalen ta shanya shi a inuwa, don rana tana rage amfaninsa. Ga awon kunun: cokali uku na garin hatsi, cokali guda na garin wake, da ɗan garin zogale. A bar shi ya tafasa sosai, don waken da bai dahu ba yana kumbura ciki. A dama da kauri, kada ya tsiyaye daga cokali kamar ruwa. Sau uku a wuni take ba shi, ba ta kuma hana shi nono ba. Garin ya kai ta fiye da mako guda.

Kun ga ke nan, abin da aka rage na hatsin wuni ɗaya ya ba yaro waken mako.

Sai dai a daren nan tuwo ya kasa, kuma ita ce ta kwana ba ta ci ba. Nan ta yi kuskure, don mai shayarwa ba ta kamata ta ɗauki giɓin ita kaɗai ba. Da an rage loma biyu daga kwanon kowane babba, da ba wanda ya ji. Da maigida ya gane, Juma'ar da ta biyo shi ya ƙara dala 30 da hannunsa.

A kula: in zare ya nuna ja, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura har ka danna yatsa ya bar rami, kunun wake ba magani ba ne. A kai shi gidan likita a ranar. Mutanen Maraɗi ba su manta da shekarar 2005 ba.

Magidanta, ranar kasuwa mai zuwa ku tambayi uwargida launin da zaren ya nuna, kafin ku ƙirga kuɗin cefane.