Awa bakwai da rabi ba 7,30 ba ce: gargaɗi ga mai aikin awa da mai biyansa

A karkarar Dogarawa yawancin ƙwadago ba da agogo ake auna shi ba. Mai dashen albasa a fadamun Galmi yini ake biyansa ko jinga, haka ma mai noma da mai cira. Amma aikin awa ya shigo, kuma yana ƙaruwa. Akwai masu aiki da ƴan kwangila a kewayen masana'antar siminti ta Malbaza, da masu gadi, da leburorin gyaran hanya a babban titin da ya taso daga Ƙonni ya nufi Madawa, da mai hayar tarakta ko injin ban ruwa wanda ake yi wa kuɗi a kan kowace awa. Duk waɗannan, ranar biya, wani zai zaro waya ya buɗe kalkuleta ya buga lissafi, kuma a nan ne kuɗi ke zubewa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Tushen matsalar shi ne agogo da kalkuleta ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Agogo sai ya cika minti 60 yake ba da awa guda, tsarin da duniya ta gada daga lissafin mutanen Babila na dā. Ita kuwa kalkuleta, abin da ke bayan waƙafi kason ɗari take ɗaukarsa. In an rubuta 7h30 a littafin aiki, ana nufin awa bakwai da rabi. In aka buga 7,30 a waya, ita abin da ta fahimta shi ne bakwai da kashi 30 cikin ɗari na awa, wato awa bakwai da minti 18. Minti 12 sun tafi ke nan tun kafin a ninka da kuɗi. Takardunmu na Nijar waƙafi suke sawa, wasu wayoyin kuma ɗigo suke nunawa, 7.30, amma duk abu ɗaya ne.

Gyaran ba shi da wuya. A bar awoyi yadda suke, a ɗauki mintocin kaɗai a raba su da 60, abin da ya fito shi ake liƙawa bayan waƙafi. Minti 30 in aka raba da 60 zai ba da 0,5, don haka 7h30 ita ce 7,5. Minti 15, rubu'in awa, 0,25 ne, minti 45 kuma 0,75. Wanda ya riƙe cewa kowane minti 6 daidai yake da 0,1 ya huta, domin daga nan zai iya ƙirga sauran da ka: minti 12 shi ne 0,2, minti 24 shi ne 0,4, minti 48 shi ne 0,8. Masu ɗan taurin kai su ne irin minti 20 da 40 da 50, waɗanda rabonsu ba ya ƙarewa: 0,333 da 0,667 da 0,833, lambobin na ta jan wutsiya.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani magini ya yi mako yana aiki a kan sefa 600 kowace awa, wato dala 120 a bakin kasuwa. Wannan farashi na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Mai rubuta lokaci ya rubuta masa 7h30 ranar Litinin, 8h45 Talata, 6h20 Laraba, 7h50 Alhamis. Juma'a ya tashi da wuri saboda masallaci, ya yi 4h40, Asabar kuma 4h15.

Mai biya ya zo da gaggawa ya buga su yadda ya gan su: 7,30 da 8,45 da 6,20 da 7,50 da 4,40 da 4,15. Waya ta ba shi 38 cif. Lambar ta fito sumul, babu ko ɓurɓushi, shi ya sa ba wanda zai yi zargin komai. Ya ninka da 600, ya ƙirga wa magini sefa 22 800, aka yi godiya aka rabu.

To, a sake lissafin a natse. Awoyin kaɗai, 7 da 8 da 6 da 7 da 4 da 4, sun tashi 36. Mintocin kaɗai, 30 da 45 da 20 da 50 da 40 da 15, sun tashi 200. Cikin minti 200 akwai awa 3 cikakku, saura minti 20. Aikin makon ke nan awa 39 da minti 20, wanda a kalkuleta ake rubuta shi 39,33. Haƙƙin magini sefa 23 600 ne. An rage masa sefa 800, dala 160, ladan awa guda da minti 20 da ya yi yana ɗora bulo a rana. In haka ta maimaitu mako huɗu, sama da jika uku sun salwanta.

Abin lura shi ne wannan kuskure ba ya taɓa faɗawa a kan mai biya. Duk mintin da aka buga kai tsaye bayan waƙafi an mai da shi ɗaya cikin ɗari maimakon ɗaya cikin sittin, don haka kashi 60 cikin ɗari na kuɗinsa kawai ake biya, kashi 40 ya ɓace. Kullum ma'aikaci ne a ƙasa, kuma gwargwadon yawan mintocin da ke cikin takardarsa, gwargwadon asararsa. Shi ya sa a ganina mai biyan da aka nuna wa wannan sau ɗaya ya ci gaba da yi, ya fita daga sahun masu kuskure.

Wanda ba ya son rigimar waƙafi yana da hanya mafi aminci, kuma ita nake ba da shawara a bi in kuɗin awa yana da yawa. A mai da komai minti. Awa 39 sau 60 ya ba da 2340, a ƙara 20 ya zama minti 2360. A ninka da kuɗin awa, sannan a raba da 60 a ƙarshe: 2360 × 600 ÷ 60 = 23 600. Da an bi ta 39,33 za a samu 23 598, saboda wutsiyar da aka yanke. Sefa biyu ba abin faɗa ba ne, amma darasin shi ne kada a yanke lamba kowace rana. A tara mako ko wata tukuna, a yanke sau ɗaya. Sai kuma a tabbata da wane harshe ake lissafin kuɗin: in an yi ciniki da dala, a ninka da dala har ƙarshe, ko a mai da shi sefa tun farko. Wanda ya ji "ɗari da ashirin" ya buga 120 ya ɗauka sefa ce, ya raba haƙƙin mutum gida biyar ya ba shi ɗaya.

Tun kafin a zo ninkawa ma akwai wani rami, wajen fitar da tsawon aikin daga lokacin shiga da na tashi. Mutum ya kama aiki 7h40 ya tashi 16h10. In aka buga 16,10 aka cire 7,40, waya za ta ce 8,70, lambar da ba agogon da ya san ta. A nan aro ake yi, kuma awar da aka ara minti 60 take kawowa, ba 100 ba: 16h10 ta zama 15h70, a cire 7h40, saura 8h30. In an yi hutun azahar da abinci na awa guda da rubu'i wanda ba a biya, a cire 1h15, saura 7h15. Sai yanzu ne ake raba 15 da 60 a rubuta 7,25. Juyawar ita ce matakin ƙarshe kafin kuɗi.

Kuskuren yana da ɗan'uwa da ke tafiya ta baya, kuma shi ya fi cizon manomi mai hayar inji. Tarakta da manyan janareto da yawa suna da ƴar na'ura mai ƙirga awoyin aiki, kuma lambarta ta ƙarshe kason goma ce ta awa, kowace ɗaya minti 6. A ce kafin a shiga gona ta nuna 1254,3, da aka gama ta nuna 1257,8. Bambancin 3,5 ne, awa uku da rabi, kuma a shirye yake a ninka shi yadda yake. In misali awa jika 15 ce, kuɗin 52 500 ne. Amma in mai inji ya karanta 3,5 a matsayin awa uku da minti hamsin, zai nemi 57 500, manomi ya yi asarar jika biyar a zama ɗaya. Ga kuma wani abu da ya kamata a sani kafin a ƙulla ciniki: a wasu tsofaffin taraktoci na'urar juyawar inji take bi, tana sauri in an taka wuta, tana jan ƙafa in inji na zaman banza. Irin wannan ba lallai ta yi daidai da agogon hannu ba, sai a yarda tun farko da wanne za a yi hisabi.

Masu albashin wata su ma abin ya shafe su. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa makon aiki awa 40 a wuraren da ba na noma ba. In aka ninka 40 da mako 52 na shekara aka raba da wata 12, ana samun 173,33, lambar da ake yawan gani a takardar albashi. Ba awa 173 da minti 33 ba ce, awa 173 da minti 20 ce. Da ita ake raba albashi a san kuɗin awa guda: mafi ƙarancin albashi na sefa 42 000 da ya fara aiki a Janairun 2024, in aka raba shi da 173,33, yana ba da kimanin sefa 242 a awa. Awoyin da suka haura 40 a mako kuɗinsu ya fi na sauran, saboda haka kuskuren minti yana iya yin ɓarna biyu. Wanda ya yi 40h50 a gaske, in an tara masa kwanakinsa ta gurguwar hanya, yana iya fitowa ƙasa da 40, ya rasa mintocin, ya rasa ƙarin da ke kansu.

Ta yaya mutum zai gane an yi masa lissafin daidai? Ya dubi lambobin da ke bayan waƙafi a takardar kwanakinsa. In juyawar ta yi kyau, cikin wata guda galibi za a ga irin 0,67 da 0,75 da 0,83, lambobin da suka wuce 59. In kuwa daga farkon wata zuwa ƙarshensa ba abin da ake gani sai 15 da 30 da 45, ba wadda ta taɓa haura 59, kuma su aka ninka da kuɗi, to mintoci ne aka sa wa waƙafi. Gwaji na biyu ya fi sauƙi, ko wanda bai yi lakkwal ba zai iya: ya zaɓi rana guda da ya san ya yi awoyi da rabi, ya tambayi nawa aka sa masa na rabin. In awa dala 120 ce, rabinta 60 ne. In aka ce masa 36, ya nemi a zauna a sake bugawa, da littafin da yake rubuta shigarsa da tashinsa a hannu.