Magunguna Uku, Gudan Jini Ɗaya: Inda Kowannensu Yake Tare Hanya

Marar lafiyar da aka kwantar saboda gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa yakan ga abin da zai ɗaure masa kai. Ana yi masa allura a fatar ciki safe da yamma, ana kuma ba shi ƙwaya da dare, duka biyun an ce na hana jini daskarewa ne. Bayan kwana biyar ko shida sai a tsayar da allurar, a bar ƙwayar. Na gadon kusa da shi kuwa, mai ciwo iri ɗaya, wata ƙwaya daban aka ba shi tun ranar farko, babu allura, babu yawan ɗibar jini. Dalilin wannan bambanci shi ne daskarewar jini aiki ne mai matakai, kuma kowane magani da matakin da yake tarewa. Wanda ya san matakin ya san saurin maganin, da gwajin da ake yi masa, da makarinsa, da kuma wanda bai kamata ya sha shi ba.

Idan jijiya ta sami rauni, ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet ne suke fara taruwa su toshe wurin. Toshiyar tasu ba ta da ƙwari, sai an ɗaure ta da wani zare mai suna fibirin. Kafin zaren ya samu, akwai jerin sinadarai da hanta take haɗawa ta zuba cikin jini, suna yawo a kwance har sai an tashe su. Likitoci sun raɗa musu lambobi. Raunin yana tayar da na 7, shi kuma ya tayar da na 10, tare da taimakon na 9. Na 10 idan ya tashi sai ya juya na 2 ya zama turombin, turombin kuma shi ne yake saƙa zaren fibirin. Jiki yana da birkinsa, don kada jini ya sandare ko'ina: akwai antiturombin mai kashe turombin da na 10, akwai kuma furotin C. Duk magungunan da muke magana a kansu cikin wannan ɗan jeri suke aiki, kuma babu ɗayansu da yake narkar da gudan da ya riga ya samu. Suna hana shi ƙaruwa ne, su hana sabo fitowa, jiki kuma ya cinye tsohon a hankali cikin makonni.

Hefarin, wanda aka fara gano shi a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ba ya kashe komai da kansa. Yana manne wa antiturombin ne, ya ninka saurinsa kusan sau dubu, shi kuma ya far wa turombin da na 10 waɗanda suka riga suka tashi. Tun da kayan aikin suna nan cikin jini, idan an ba da shi ta jijiya nan take yake kamawa, kuma idan an cire ƙarin ruwan, cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki. Hanji ba ya iya tsotse shi, shi ya sa ba a yin ƙwayarsa. Tsohon hefarin dogo ne, yana iya riƙe antiturombin da turombin lokaci guda, amma aikinsa yana bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ake bin sa da gwajin aPTT. Daga baya aka gutsuttsura shi aka sami gajeru irin su enosafarin. Gajartarsu ta sa galibin ƙarfinsu yana kan na 10, ana kuma auna su da nauyin mutum, a yi allurar a ƙarƙashin fata ba tare da gwaji kullum ba, muddin ƙoda lafiya take. Makarin hefarin shi ne furotamin, wanda yake kashe dogon gaba ɗaya, gajeren kuwa wani kaso kawai.

Wafarin ta bayan fage yake bi. Asalinsa daga wata annoba ce da ta addabi shanu a Arewacin Amurka a shekarun 1920, inda suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Ɗakin binciken Karl Paul Link a Wisconsin ne ya gano sinadarin, aka fito da wafarin a matsayin gubar ɓera a 1948, sannan aka amince a ba mutane a 1954. Sinadarai na 2, 7, 9 da 10 ba sa kammaluwa a hanta sai da bitamin K, kuma hanta tana sabunta bitamin ɗin ne ta sake amfani da shi. Wafarin yana toshe wannan sabuntawa, sai hanta ta riƙa fitar da sinadarai marasa aiki. Amma waɗanda aka riga aka haɗa ba ya taɓa su. Kamar a rufe masaƙa ne alhali kasuwa cike take da yadi: ba za a ji ƙaranci ba sai na kasuwa ya ƙare. Kuma ba tare suke ƙarewa ba. Rabin na 7 yana ɓacewa cikin kusan sa'a 6, na 2 kuwa sai ya ɗauki kusan sa'a 60 zuwa 72.

A ɗauki misalin mai jego mai nauyin kilo 70, wadda mako biyu bayan haihuwa ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, hoto kuma ya nuna gudan jini a babbar jijiyar cinya. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. A ranar za a fara mata enosafarin, miligiram 1 ga kowane kilo, wato miligiram 70 duk bayan sa'a 12, a kuma fara wafarin, sau da yawa miligiram 5 a rana. Gwajin da ake bin wafarin da shi sunansa INR. Na lafiyayyen mutum yana wajen 1, ita kuma ana so nata ya zauna tsakanin 2 da 3. A ce a kwana na uku sakamako ya nuna 2.1. Dangi za su ce ai an kai, a daina huda ta. Likita zai ƙi, kuma da gaskiyarsa. Gwajin ya tashi ne saboda na 7 ya faɗi, alhali na 2, uban turombin, har yanzu yana nan da yawa. Bugu da ƙari, furotin C, wanda birki ne, shi ma bitamin K yake buƙata, kuma yana cikin masu saurin ƙarewa. A waɗannan kwanaki na farko jininta bai sami kariya daga wafarin ba tukuna, allurar ce take riƙe da ita. Ƙa'idar ita ce a haɗa su aƙalla kwana 5, kuma INR ya kai 2 ya tsaya a gwaji biyu a jere, kafin a janye allurar. Daga nan za ta ci gaba da ƙwayar aƙalla wata uku, tana shayar da ɗanta, domin wafarin da hefarin ba sa cutar da jariri ta nono. Da a ce tana da juna biyu ne aka gano gudan, da allurar kaɗai za a ba ta, saboda hefarin ba ya ratsa mabiyiya, wafarin kuwa yana ratsawa, yana iya naƙasa ɗan tayi.

Dogaro da hanta da bitamin K shi ne ya sa wafarin yake da saurin tangarɗa. Idan matar nan ta yi ciwon ciki ta sayi filajil a kemis, ko aka ba ta seftirin, hanta za ta rage saurin fitar da wafarin, INR ya haura 5 ko fiye. Alamun su ne jini a dasashi, haɓo mai ƙin tsayawa, taruwar jini a ƙarƙashin fata, jan fitsari ko baƙin bayan gida. Ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya kuwa na asibiti ne nan take. Rifamfisin na maganin tarin fuka akasin haka yake yi, yana sa hanta ta ƙone wafarin da sauri har ya zama kamar ba a sha ba. Ganyaye irin su alayyahu da kabeji suna da bitamin K mai yawa. Ba a ce a daina cin su ba, abin da ake so shi ne kada a yi wata guda babu ganye sannan a wayi gari ana cin kwaɗo kullum. Idan jini ya ɓalle, makarin shi ne bitamin K, amma sai hanta ta haɗa sababbin sinadarai, abin da yake ɗaukar sa'o'i. In ana gaggawa sai a ƙara wa mutum ruwan jini mai ɗauke da su.

Sababbin ƙwayoyin, waɗanda suka bazu daga wajen 2010, ba sa neman ɗan aike. Dabigatiran yana zuwa ne kai tsaye ya toshe bakin turombin. Ribarosaban da afisaban da edosaban kuma na 10 suke toshewa. Ba ruwansu da bitamin K, ba sa jiran antiturombin, don haka cikin sa'a 2 zuwa 4 sun kama, ganye ba ya dagula su, ba a kuma bin su da INR. Mai gudan jini a ƙafa da aka ɗora a kan ribarosaban yana shan miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan miligiram 20 sau ɗaya, kuma tare da abinci, don in ciki babu komai ba ya shiga jiki sosai. Mai azumi sai ya tsara lokacin shan tare da likitansa. Saurin nan yana da tsadarsa. Yadda suke kamawa da wuri haka suke saki da wuri, mutum ya tsallake kwana ɗaya kariyarsa ta kusa ƙarewa, ba kamar wafarin da tasirinsa yake jan kwanaki ba. Ƙoda ce take fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na dabigatiran, don haka mai ciwon ƙoda maganin zai taru masa. Ba a ba mai juna biyu, ana kuma kauce musu ga mai shayarwa, shi ya sa mai jegon da muka gani ba ta samu ba. Makarinsu akwai, amma da tsada, kuma ba kowane asibiti yake da shi ba.

Akwai inda tsohon maganin ya gagari sababbin, kuma ya shafe mu kai tsaye, domin ciwon zuciyar da yake biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, mai lalata bawul ɗin zuciya, yana da yawa a ƙasashenmu. A 2012 an dakatar da wani gwaji na dabigatiran a kan masu bawul na ƙarfe, saboda gudan jini da zubar jini duk sun fi yawa a kansa. A 2022 kuma binciken INVICTUS, wanda ya haɗa da ƙasashen Afirka, ya kwatanta ribarosaban da dangin wafarin a kan masu irin wancan ciwon zuciya da bugunta ya rikice, aka tarar mutuwa ta fi yawa a ɓangaren ribarosaban. Saboda haka mai bawul na ƙarfe, da wanda bawul ɗinsa ya tsuke sakamakon wannan ciwo, wafarin ne nasa, da duk ɗawainiyar gwajin INR. Idan wani ya ba shi shawarar ya koma sabuwar ƙwaya don ya huta da ɗibar jini, kada ya canza sai likitan zuciyarsa ya ce.